Zan je Guangzhou a karon farko: yaya zan gano masallaci da ƙafa kafin lokacin salla ya kuɓuce mini?

Tambaya: Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma a watan Oktoba zan je Guangzhou ta ƙasar Caina saro kaya a karon farko. An kama mini masauki a unguwar Xiaobei, zan yi kamar kwana goma. Ba na jin yarensu ko kalma ɗaya, kuma an ce mini taswirar Google ba ta aiki a can. Yaya zan yi in gano masallaci mafi kusa, in taka da ƙafa in samu jam'i, musamman ranar Juma'a?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a saro a sa'a.

Na daɗe ina zirga-zirga a garin nan, ni ma da saro na fara, daga baya na koma rakiyar sababbin zuwa irinka. Abin da zan fara faɗa maka shi ne, abubuwa uku da muke gane masallaci da su a gida duk ba za su yi maka amfani a can ba. A Kano kunne ne ke kai mutum masallaci, lasifika na kira ta gabas wata na amsawa ta yamma. In kunne bai kai ka ba ido zai hango hasumiya ko ƙubba. In duk babu, ka tari duk wanda ka gani ka ce masa ina ake salla, zai nuna maka da baki. A Guangzhou ba za ka ji kiran salla a kan titi ba. Masallatan ba su yi kama da abin da idonka ya saba ba. Wanda za ka tara a hanya kuma, ko da mutumin kirki ne, ba ya jin ka, ba ka jin sa. Saboda haka neman masallaci a can aikin dare ne, a ɗakin masauki, kana zaune da wayarka da takarda. Wanda ya bari sai rana ta karkata sannan ya fara nema, a bakin titi zai yi ta juyi har lokaci ya fita.

Masallatan da za ka yi hulɗa da su a tsakiyar gari huɗu ne, kuma dukansu a gundumar Yuexiu suke, gundumar da Xiaobei ke ciki, wato ka faɗo a wuri mai kyau. Akwai Huaisheng, 怀圣寺, a titin Guangta. Akwai Xianxian, 先贤清真寺, kusa da lambun Yuexiu. Akwai Xiaodongying, 小东营清真寺, a wani lungu da ya fita daga titin Yuehua. Sai Haopan, 濠畔清真寺, can ƙasa-ƙasa wajen kudu. Da gangan na rubuta maka su da harufansu, domin su za ka kwafa ka liƙa a manhajar taswira, kuma su za ka nuna wa mutum a fuskar waya. Sunan da aka rubuta da boko, in ka furta shi da harshenka na Bakano, ba wanda zai gane abin da kake nufi, don yarensu na karin sauti ne fiye ma da namu.

Maganar taswirar Google da aka gaya maka gaskiya ce, amma da sauran bayani. In ka sa layin wayar can, ko ka hau intanet ɗin masauki, ba za ta buɗe ba. In kuwa da layinka na gida kake yawo, ko ka bi wata hanyar ta buɗe maka, to nan ne haɗarin yake, don za ta buɗe ta kuma yaudare ka. Dokar Caina ta sa ana karkatar da lissafin wurare a taswirorin ƙasar, shi ya sa a Google za ka ga zanen titi da hoton tauraron ɗan'adam ba su hau kan juna ba, akwai tazarar ɗaruruwan mitoci tsakaninsu, kuma bayanan wuraren sun tsufa. Mita ɗari uku ba komai ba ce ga mai mota. Ga mai ƙafa a tsohon gari, ita ce ke jefa shi wani lungu daban, yana tsaye gaban shagon gyaran keke yana kallon waya tana ce masa ya iso. Tun kana gida ka sauke manhajar taswira ta Amap, wadda su ke kira 高德地图, ko Baidu Maps. In wayarka iPhone ce, taswirar da ta zo da ita tana aiki daidai a can, domin da bayanan Amap take amfani. Kalmar da za ka nema ita ce wannan:

```
清真寺
```

Ana furta ta kamar "cing-jan-si", ma'anarta masallaci. Ka lura da kyau, harufa uku ne. Biyun farko, 清真, su kaɗai suna nufin halal, kuma za ka gan su birjik a kan koren allo a ƙofar gidajen abinci. Na ukun, 寺, shi kaɗai yana nufin gidan ibada, kuma yana jikin sunan gidajen bautar mabiya Buddha ma. Sai ukun sun haɗu ne ake nufin masallaci kai tsaye. Ni kaina wannan ta taɓa kama ni a zuwana na farko. Wani ya rubuta mini harufa biyun farko a takarda, na riƙa nuna wa mutane, kowa na gyaɗa kai yana nuna mini gaba, ina ta murna, har na tsinci kaina a gidan taliya mai tebur shida, ga tukunya na tafasa, ga la'asar na ƙoƙarin tafiya.

Sai dai a wannan kuskuren na koyi dabarar da har yau ta fi mini kowace manhaja. Waɗannan gidajen taliyar, da ake rubuta musu 兰州拉面, suna ko'ina a garin, kuma galibin masu su Musulmi ne daga arewa maso yammacin ƙasar. Za ka gane su da farar hula a kan maza, matan da ɗankwali. Ka shiga ka yi sallama cikakkiya, za su amsa maka yadda ka saba ji. Sannan ka nuna musu harufa ukun nan, ko ka ɗaga hannuwa daidai kunne kamar mai kabbara. Sun san masallacin da ya fi kusa, sun san ƙofar da ake buɗewa, sun san ƙarfe nawa liman ke tayarwa, abin da taswira ba ta sani ba. Ka miƙa musu wayarka su rubuta maka lokacin da lambobi, don lambobinmu ɗaya da su. A wancan karon mai gidan bai ma bari na tafi ba, bayan kicin ya ja ni ya shimfiɗa mini kwali mai tsabta ya nuna mini alƙibla. A Xiaobei kuwa abin ya fi sauƙi, domin unguwa ce ta baƙin 'yan kasuwa daga Afirka da ƙasashen Larabawa, ga gidajen abincin Musulmi. Da wuya ka yi yini biyu ba ka ji Hausa a kan titi ba.

Yanzu lokaci, wanda shi ne ainihin abin da ke kayar da mutane. Caina na gaban Najeriya da awa bakwai, kuma duk faɗin ƙasar agogo ɗaya suke bi. Kwanakin farko jikinka na Kano agogonka na Guangzhou, barci zai ɗauke ka a lokacin da bai kamata ba, don haka kada ka dogara da cewa jikinka zai gaya maka azahar ta yi. A wajen 20 ga Oktoba, rana na karkata daga tsaka a Guangzhou wajen ƙarfe 12:12, tana faɗuwa daf da ƙarfe 6 na yamma. Ka ga ke nan in ka tafi da al'adar gida ta yin azahar ƙarfe biyu, ka riga ka cinye fiye da rabin lokacinta.

Ga wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. Musulmin Caina galibinsu mazhabar Hanafiyya suke bi, mu kuma Malikiyya. A wurinmu la'asar na shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar tsakar rana. A sanannen ƙaulin Hanafiyya sai ta kai tsawonsa biyu. A waccan ranar ta Oktoba, la'asar ɗinmu na shiga wajen 3:30, tasu wajen 4:20. A tsakiyar bazararsu, wato Yuni, tazarar kan wuce awa ɗaya da kwata. Abin da wannan ke jawowa iri biyu ne. Idan ka yi sauri ka isa masallaci 3:30 don la'asar, za ka tarar da wurin shiru, ka zaci an idar ko an rufe, alhali ba su ma fara taruwa ba. In ka jira ka bi su, sallarka na cikin lokacinta a mazhabarka, don muhtarin la'asar na kai wa har rana ta yi fatsi-fatsi. Ɗaya gefen shi ya fi muni: idan manhajar lokutan salla da ke wayarka tana kan lissafin Hanafiyya, za ta nuna maka la'asar 4:20, kai kuma ka ɗauka azahar ɗinka na da sauran numfashi har lokacin, alhali muhtarinta ya fita tun 3:30. Ka shiga saitin manhajar, wurin da aka rubuta Asr calculation ko Juristic method, ka zaɓi Standard, wanda wasu ke rubutawa Shafi, Maliki, Hanbali. Da shi za ka san iyakar lokacinka. Lokacin jam'i kuwa a allon masallaci za ka same shi, domin manhaja shigar lokaci kawai take faɗa, ba ta san sa'ar da liman ke tayar da iƙama ba. Ranar da ka fara shiga masallacin, ka nemi allon lokuta ka ɗauke shi hoto.

Tunda kwana goma ka yi niyya, a Malikiyya hukuncin matafiyi ya sauka daga kanka da ka isa, domin niyyar zaman kwana huɗu cikakku na yanke ƙasaru. Sauran rassan wannan ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ni ɗan hanya ne.

To bari mu taka tare daga Xiaobei zuwa Xianxian ranar Juma'a, don nan ne taro ya fi yawa, kuma nan yawancin mutanenmu ke zuwa. A daren Alhamis ka buɗe Amap, ka liƙa 先贤清真寺, ka nemi hanya. Manhajar za ta fara ba ka hanyar mota, sai ka taɓa wurin da aka rubuta 步行, wato tafiyar ƙafa. Wannan matakin kada ka tsallake shi. Jerin da ke fitowa lokacin da ka nemi masallaci yana nuna nisa ne a miƙe, kamar tashin tsuntsu, kai kuma ba tsuntsu ba ne. Manyan titunan garin nan an raba tsakiyarsu da shingen ƙarfe, ba a tsallaka su yadda muke tsallaka titin Zariya. Sai ka nemi gadar masu ƙafa ko hanyar ƙarƙashin ƙasa, kuma wani lokacin sai ka wuce inda za ka da mita ɗari biyu, ka hau, ka sauka, ka dawo baya. Shi ya sa masallacin da ya fito a saman jeri ba lallai ne shi za ka fi saurin isa ba. Ka gwada biyun farko duka da 步行, ka kwatanta mintunan.

Daga wajen tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Xiaobei, 小北, hanyar kusan kilomita biyu ce. Za ka miƙe yamma a babban titin Huanshi, lambun Yuexiu na hannunka na hagu, gadar sama ta motoci na bin ka a bisa kai, har ka isa babbar mahaɗar da titin ya gamu da Jiefang ta Arewa. Masallacin na tsallaken wannan titin, a jingine da wani lambun furanni da ake kira Lanpu, 兰圃. Mutum mai lafiya na cin kilomita ɗaya a minti 12 zuwa 15, wato tafiyar kanta kamar rabin awa ce. Amma ba haka nake lissafa wa baƙo ba. Ina ƙara minti goma na mahaɗar nan, don wurin tsallakawa na rikita wanda bai saba ba, kuma a ƙarƙashin gada ɗigon da ke nuna inda kake a waya yakan yi ta tsalle. Ina ƙara wasu goma na neman ƙofa, domin harabar babba ce, tana ɗauke da tsohuwar maƙabarta da itatuwa, kuma alamar da ke kan taswira sau da yawa a tsakiyar fili take zaune, ba a bakin ƙofa ba. Za ka iya zama taku ashirin daga sahu, katanga na tsakaninku, ƙofa na can ɗaya gefen. Sai goma na alwala da neman wuri, don ranar Juma'a layin famfo ba ƙarami ba ne. Jimilla awa guda. Ka tambayi lokacin huɗuba tun Alhamis a wurin mai gidan abinci ko wani ɗan'uwa a masauki, ka ja baya da awa ɗaya, wannan ne lokacin fitarka. In za ka ji ta tawa, ka yi alwalarka a ɗaki, sai goman ƙarshe ta zama rara.

Wani zai ce maka ka yanke ta cikin lambun Yuexiu, ai shiga kyauta ne. A taswira yankan na da kyau. A ƙasa kuwa wurin tudu ne, hanyoyinsa na murɗe-murɗe, ga matakala, ƙofofinsa kuma kowace na fitar da kai wani titi daban. Ka bar shi sai ranar da ba ka da sauri. Ranar farko babban titi ya fi, ko da ya ɗan fi tsawo, don ba ya ɓatar da mutum.

Da ka kusa, ka mayar da waya aljihu ka ɗaga kai. Ranar Juma'a ita ce rana ɗaya da idonka na gida ke dawowa aiki. Za ka fara ganin fararen huluna, da masu jallabiya, da 'yan Afirka ta Yamma cikin manyan kaya, da 'yan Pakistan, duk sun fuskanci wuri guda, wasu da darduma a hammata. Bi su kawai, sun san ƙofar. Wata alama kuma, in ka ga jama'ar nan suna tahowa suna fuskantarka, suna tafe a hankali ana hira, to an idar, ka juya ka nemi inda za ka yi azahar ɗinka. A sauran ranaku wannan kogin mutane babu shi, shi ya sa nake son sabon zuwa ya taka hanyar sau ɗaya tun kafin ya buƙace ta, ko da yammacin ranar da ya sauka ne. Awa ɗaya ce za ka kashe, ka ga ƙofa da idonka, ka tabbatar ba a rufe wurin don gyara ba, ka ɗauki hoton allon lokuta.

Ga sallolin yau da kullum ka gwada Xiaodongying ma. Daga Xiaobei kudu za ka yi, ka bi titin Xiaobei har ka gangara wajen Yuehua, tafiyar ba ta kai kilomita biyu ba. Ƙaramin masallaci ne, tsoho, kuma a nan za ka fahimci abin da na ce idonka ba zai taimake ka ba. Tsofaffin masallatan Caina da ginin gargajiyarsu aka yi su: rufin tayil mai lanƙwasa a gefe, ƙofar katako, tsakar gida, kamar dai gidan wani tsohon attajiri ko wurin bautarsu. Sai ka wuce ta gabansa sau biyu ba ka sani ba. Abin da za ka nema a saman ƙofa shi ne harufa ukun nan, da rubutun Larabci, wanda sau da yawa an yi shi da salon alƙalaminsu mai kauri, sai ka tsaya ka kalle shi da kyau kafin ka gane Bisimilla ce. In ka leƙa ka hango gumaka, ko ka ji ƙaurin turaren tsinke ya cika wuri ana cusa shi a babban kasko, ba nan ba ne, ka ja da baya cikin ladabi.

Huaisheng ne kaɗai ke da abin da za ka kira hasumiya, kuma ita ma ba irin tamu ba ce. Zagayayya ce, sumul, kamar an kafa katon kyandir, tsayinta kimanin mita 36, kuma sunanta Guangta ne aka sa wa titin, 光塔路. A da ana hango ta daga nesa, yanzu dogayen benaye sun rufe ta, sai ka shigo titin sosai take bayyana. Yana daga cikin masallatai mafi daɗewa a ƙasar. Mutanen wurin na danganta kafa shi ga Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma suna cewa kabarinsa ne a Xianxian, sai dai abin da ke littattafan tarihinmu shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Ka ji, ka yi shiru, ba wurin gardama ka je ba. A ƙofa mai gadi na iya tsayar da kai, don ba a barin masu yawon buɗe ido su shiga yadda suka ga dama. Sallama ce takardar shigarka. Fasfonka kuma ya kasance a jikinka kullum, doka ce a kan baƙi.

Da yake saro ka je, ba kullum azahar za ta same ka a Xiaobei ba. A nan ne ake haɗa ƙafa da jirgin ƙarƙashin ƙasa. In kana kasuwannin tufafi na Sanyuanli, layi na 2 zai kai ka tashar Yuexiu Park, 越秀公园, tasha biyu kacal, daga nan Xianxian 'yar tafiya ce. In Huaisheng kake so, tashar Ximenkou, 西门口, a layi na 1, ita ce tasa, daga ita ka taka kamar minti goma zuwa kudu. Abin kiyayewa shi ne mafita. Kowace tasha na da ƙofofi da dama masu harufan A, B, C, kuma fita ta wadda ba ita ba na iya ajiye ka a tsallaken titin da ba a ƙetarawa. Amap na faɗin harafin mafitar da za ka bi, ka duba kafin ka hau matakala. Ka kuma sa minti biyar na binciken jaka, don ana saka kaya a na'ura a bakin kowace tasha. Da ka fito sama, kada ka yarda da kibiyar waya nan take, takan juya baya ta zama gaba a tsakanin dogayen gine-gine. Yi taku talatin, ka ga ta ina ɗigon ya motsa, sannan ka san ko ka fuskanci daidai.

Akwai ranar da lissafi zai nuna maka ba za ka kai ba, kuma gara ka gane hakan tun kana shagon mai kaya, ba a tsakiyar gada ba. Magariba ce ta fi yin haka, don lokacinta gajere ne a wurinmu, kuma tana faɗowa daidai sa'ar da gari ke tashi daga aiki, tituna da tashoshi a cushe. Ƙa'idata ita ce, in mintunan da manhaja ta ba ni, haɗe da ashirin na tsallake da neman ƙofa, sun wuce abin da ya rage, ba na fita. Ina neman wuri a inda nake. Amma kada ka yi irin ta gida, ka shimfiɗa darduma a bakin titi ko a farfajiyar kasuwa ku ja sahu. Dokar ƙasar ta keɓe taron ibada ga wuraren da aka yi wa rajista, kuma masu gadi za su zo su tashe ku, in ma abin ya tsaya nan. Ɗakinka na masauki, ko bayan shagon wani Musulmi da izininsa, ko gidan taliya irin wanda na ba ka labari, su ne mafita. Ka riƙa yawo da 'yar darduma mai naɗewa da gorar ruwa a jakarka.

A nan ne kuma bakinmu ke yaudararmu. Bahaushe in zai ce alƙibla sai ya ce gabas, har mukan ce wane ba ya kallon gabas. A Guangzhou Makka na yamma da kai. Alƙiblar garin tana wajen digiri 285 daga arewa, wato ka fuskanci yamma sosai, sannan ka ɗan karkata dama kaɗan. Na taɓa shiga ɗakin wani bawan Allah da muka sauka masauki ɗaya, na tarar ya yi kwana biyu yana salla yana fuskantar inda rana ke fitowa, ya ba wa Ka'aba baya cif, kuma da na yi magana sai da ya yi mini kallon wanda ya zo da sabon addini. Kamfas ɗin waya na taimakawa, amma ƙarfen gini da na'urar sanyaya ɗaki na karkatar da shi, don haka ka gwada a wuri biyu ko uku, kusa da taga, ka ga ko sun yi daidai. In kana son shaidar da ba ta ƙarya, ka dubi inda rana ke faɗuwa. A Oktoba tana faɗuwa ne ɗan kudu da yamma, don haka alƙibla na dama da mafaɗarta da kimanin digiri 25, wato in ka miƙa hannu sosai, kamar faɗin dunƙulen hannu biyu da rabi. Da ka tabbatar sau ɗaya, ka sa wa wurin alama da wani abu a ɗakin, ƙafar gado ko kusurwar tebur.

Kafin ka bar Kano, ka sa a buga maka sunayen masallatan huɗu da harufan Caina a takarda ɗaya, manya-manya, da sunan masaukinka da adireshinsa a ƙasa, ka ninke ka sa cikin fasfo. Ka kuma ɗauki hoton hanyar daga fuskar waya tun kana kan intanet ɗin masauki. Caji na ƙarewa, layi na ɗaukewa, kuma tsohon da ke zaune a bakin lungu, wanda ya fi kowa sanin unguwar, ba zai iya karanta ƙananan harufan wayarka ba, amma in ka miƙa masa takarda zai gyara tabarau ya nuna maka da hannu. In ka shiga masallaci kana neman wurin alwala, alamar da aka fi sa masa ita ce 水房, kuma liman suna ce masa "ahong", in kana son a kai ka wurinsa ku gaisa.